Kwana 12 da albashi ya makara sun tona min asiri: ta ina zan fara tanadi?

Assalamu alaikum Baba. Shekarata 26, ina shekara ta biyu da fara aiki. A watan da ya wuce albashi ya makara da kwana 12, wayata ta lalace, mahaifiyata kuma ta kwanta rashin lafiya, duk a lokaci guda. Kwana tara na yi ina cin abinci sau ɗaya a rana, ina zuwa aiki a ƙasa. Daga ƙarshe na ranci kuɗi wajen abokina, har yau ban biya ba, kunya ma ta sa ina kauce masa. Idan albashina 100 ne, haya na cin 25, abinci 25, kuɗin mota 12, wuta da waya 8, gida ina aika 15. Sauran 15 wallahi ban san inda suke shiga ba. Bashin abokina 30 ne. Kullum ina cewa zan ajiye abin da ya rage a ƙarshen wata, amma babu abin da ke raguwa. Shin mai ƙaramin albashi irina zai iya tanadi kuwa? Kuma yaya zan yi da gida, tunda ba sa ganin halin da nake ciki? (An gajarta wasiƙar, an sakaya suna, an kuma mayar da kuɗaɗen zuwa kashi cikin ɗari.)

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu, ka sha wuya. Allah ya ƙara wa mahaifiyarka lafiya. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karo na biyu na ɗauko biro da takarda, domin ka ba ni abin da yawancin masu rubuto min ba sa bayarwa, wato lissafi. Wanda ya san inda 85 ke zuwa, neman sauran 15 ba zai gagare shi ba. Amma kafin mu zauna kan lissafin, bari in ba ka labarin wani saurayi, wanda ba kowa ba ne illa ni.

Ina ɗan ƙasa da shekarunka lokacin da irin wannan wata ya same ni. Wajen aikinmu suka ce a yi haƙuri, kuɗi bai shigo ba. Mako na farko ban damu ba, saboda mai shago ya saba da ni. A mako na biyu sai na fara lissafin wanda zan ziyarta daidai lokacin cin abinci, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsaya min a rai har yau, fiye da yunwar kanta. Ranar da aka biya mu na yi rantsuwa ba zan sake shiga wannan hali ba. Na cire kusan kashi 30 na albashin na kulle. A mako na uku na buɗe na ci, domin abin da na bar wa kaina bai isa ba tun farko. Wata na biyu na sake, na sake buɗewa. Sai na yanke wa kaina hukuncin cewa ni dai ba mutumin tanadi ba ne, na yi wata uku ban ajiye ko sisi ba.

Abin da ya juya al'amarin ƙaramin littafi ne. Wani dattijo a wajen aikinmu ya ce in rubuta duk abin da ya fita daga aljihuna har kwana 30, kada in canza komai a rayuwata, in rubuta kawai. Da wata ya ƙare na duba, sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Kuɗin da nake cewa sun ɓace, kusan dukkansu a kwana biyar na farko bayan albashi suke tafiya. A kwanakin nan ina jin kaina mai kuɗi: in biya wa abokai, in hau abin hawa mai tsada inda da ƙafa zan je, in sayi abin da na yi wata ina kallo. Sauran kwana 25 kuwa da ma a takure nake rayuwa. Ashe ni ba almubazzari ba ne na wata guda, almubazzari ne na kwana biyar. Daga nan na koma cire kaɗan, a ranar da kuɗin suka shigo, kafin in taka ƙofar gida. Bayan wata bakwai albashi ya sake makara, na ci abincina sau uku, ban je gidan kowa ba.

Ina zaton 15 ɗinka ma can suke, amma kada ka yarda da zatona. Ka rubuta na kwana 30, a takarda ko a waya, kowane dare kafin ka kwanta, har da ƙananan abubuwan da kake ganin ba su kai a rubuta ba. Su ne ma ake nema. Idan ka bari sai ƙarshen mako za ka tuna manyan ka manta ƙananan, lissafin ya fito da kyau amma ƙarya ne.

Yanzu ga dalilin da ya sa dabarar ajiye abin da ya rage ba ta yi maka aiki ba, kuma ba za ta yi ba ko an ninka albashin. Kuɗin da ke gabanka, idonka na ganin sa a matsayin na kashewa, kuma buƙata ba ta ƙarewa. Kullum akwai wani abu mai ma'ana da za a saya da ragowar. Don haka sai a juya tsarin: tanadi ya fita farko, kamar haya, sannan a rayu da abin da ya saura. Mutum na saurin sabawa da abin da ya gani a hannunsa.

Mu ɗauki 15 ɗin nan. Ba zan ce ka ajiye su duka ba, domin kuskuren da na yi kenan. Saurayi na buƙatar ɗan abin da zai kashe ba tare da ya yi wa kowa bayani ba, in ba haka ba tsarin zai zama kurkuku, kuma zai fasa shi. Ka bar wa kanka 5. Sauran 10 su fita ranar albashi. A wata biyar na farko ka raba su biyu: 6 ga abokinka, 4 zuwa ajiya. Idan wata biyar suka cika, ka biya 30 ɗin nan kaf, kuma kana da 20 a gefe.

Na san za ka ce 20 mene ne. To mu auna shi da abin da ya same ka. Abinci, mota, wuta da waya sun kama 45 a wata, wato ɗaya da rabi a kowace rana. Kwana 12 na jinkirin albashi suna cin 18. Kenan 20 ɗin nan da kake rainawa ya isa ya ɗauke ka tsawon irin wancan jinkiri, kana cin abincinka, kana hawa motarka, ba ka roƙi kowa ba. Shi ya sa nake so ka daina auna ajiyarka da kuɗi, ka riƙa auna ta da kwanaki. Bayan wata na farko kana da kusan kwana uku. Bayan na uku, kwana takwas. Mutumin da ke ƙirga kwanaki yana ganin ci gaba, wanda ke kallon adadin kuɗi kuwa ƙanƙantarsu yake gani, ya karaya.

Wani zai ce ka ba abokin 10 ɗin gaba ɗaya, ka gama da shi a wata uku. Akwai hikima a ciki, kuma idan abokin naka yana cikin matsi shi ma, wannan ne daidai, domin kuɗinsa ne. Amma in zai iya jira, na fi son ka haɗa biyun. Wanda ya zuba komai a biyan bashi ba ya da ko kwana ɗaya a gefe, ƙaramar matsala ta taso sai ya sake ranta, ya koma inda ya fito.

Tunda mun zo kan abokin nan, ɗana, ka je ka same shi a wannan makon. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ma ya sani. Abin da ke ɓata zumunci ba jinkirin biya ba ne, ɓuya ce. Ka sa kanka a matsayinsa: ya taimake ka a ranar da ka rasa, sai ya ga kana sauya hanya in ka hango shi. Ba zai ce kunya kake ji ba, zai ce ka raina shi, ko kuma ya yi asarar kuɗi da aboki a lokaci guda. Ka je da kason farko a hannu in akwai, ka ce masa, “Na ji kunyarka ne shi ya sa na yi nisa. Ga yadda zan biya: kaza duk wata, ranar da albashi ya shigo, har wata biyar. In kana da buƙata kafin nan ka faɗa min.” Sannan ka cika, ko da wata rana sai ka takura. Kada ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka don ka burge shi a zaman. Ƙaramin alkawari da aka cika sau biyar ya fi babba da aka saɓa sau ɗaya.

Akwai wani abu a labarinka da nake so ka sake dubawa da kyau. Abubuwa uku suka haɗu maka, amma ba iri ɗaya ba ne. Jinkirin albashi da rashin lafiya ba a san ranarsu ba. Waya kuwa, tun ranar da ka saye ta ka san za ta mutu, ranar ce kawai ba ka sani ba. Haka takalmi, haka tufafi, haka hidimomin da ke dawowa duk shekara. Waɗannan ba gaggawa ba ne, kuɗin wata-wata ne da suka ɓoye kansu suka fito a dunƙule. Idan wayarka ta kai 48 kuma tana yin shekara biyu, to tana cin 2 a kowane wata ko ka ware ko ba ka ware ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka daga wata na shida, lokacin da bashi ya ƙare kuma 10 ɗin suka zama naka duka, ka buɗe ajiya ta biyu: 4 don waɗannan sanannun abubuwa, 6 su ci gaba da shiga ta gaggawa. Amfanin rabawar shi ne, ranar da waya ta lalace ba za ka taɓa kuɗin gaggawa ba, kuma ba za ka ji kamar tanadinka ya rushe ba, tunda kuɗin sun yi aikin da aka tara su dominsa ne.

A wannan tafiya, kafin ajiyar gaggawa ta kai 85, wato wata guda cur har da haya da kuɗin gida, za ka ƙara kusan wata 11 a kan biyar ɗin farko. Masana harkar kuɗi kan ce a tara na wata uku zuwa shida, kuma shawara ce mai kyau, amma ka bar ta a can gaba tukuna. Wanda bai da na kwana uku, in aka ce masa wata shida, sai ya ajiye biro ya tashi.

Inda za ka ajiye kuɗin yana da muhimmanci kusan kamar yawansu. Sharaɗi biyu ne: su yi nisa da yatsanka, amma ka iya kai wa gare su cikin yini guda. Asusun da albashi ke shiga bai dace ba, domin duk lokacin da ka duba za ka ga jimilla ɗaya, zuciyarka ta ce akwai. Ka buɗe wani asusu daban, kada ka karɓi katinsa, kada ka sa shi a wayarka. Ka tambayi abin da suke cirewa na hidima duk wata, saboda a ƙaramar ajiya irin wannan cire-ciren na iya cin abin da kake sakawa. Ana ba mutane shawarar su sa banki ya riƙa tura kuɗin da kansa a wata tsayayyar rana, amma tunda albashinka na iya makara, ranar za ta iya zuwa asusu babu komai. Kai ka tura da hannunka, cikin awa guda da shigowar kuɗin, kafin ka kira kowa. Kuma kada ka kulle kuɗin gaggawa a inda ba a fitarwa sai bayan watanni. Gaskiya ne hauhawar farashi zai ɗan rage musu daraja a zaune, amma ba don riba aka tara su ba. Duk wanda ya zo maka da hanyar da za ta ninka su cikin makonni, ka riƙe aljihunka ka wuce.

Sai kwana biyar ɗin farko. Bayan ka fitar da 10, haya, wuta da waya da na gida, abin da ya saura na abinci da mota da ɗan kashewarka 42 ne. Kada ka riƙe su a dunƙule. Ka raba su mako-mako, tara da rabi kowane mako, sannan ka ware 4 na kwana biyu ko ukun da ke saura, domin wata ba kwana 28 ba ne, kuma a ’yan kwanakin nan ne mutane da yawa ke faɗawa bashi. Idan na mako ya ƙare ranar Juma'a, ka san an yi kuskure tun da sauran gyara, wahalar kwana biyu ce ba ta kwana tara ba.

Maganar gida ita ce ta fi nauyi, kuma ba zan ce ka rage 15 ɗin mahaifiyarka ba. Amma ka ce ba sa ganin halin da kake ciki. Ka nuna musu? Yawancin samari kan ɓoye wahalarsu don kada uwa ta damu, su riƙa cewa lafiya lau, sannan su ji ciwo idan buƙata ta sake zuwa. Ita kuwa abin da ta sani shi ne ɗanta na da aiki. Ina kyautata zaton da ta san kwana tara ka yi kana cin abinci sau ɗaya, da ita ce za ta fara cewa ka rage. Ka zauna da ita idan ta warware, cikin ladabi, ba da sigar ƙorafi ba. Ka ce, “Mama, abin da ya faru ya tsorata ni, na ga in kika sake kwanciya ba ni da abin kai ki asibiti. Na fara ajiye wani abu don irin wannan rana. Abin da nake aikowa ba zai tsaya ba, zai riƙa zuwa a ranarsa, amma ƙarin da ake nema a tsakiyar wata ba kullum zan iya ba.” Wannan gaskiya ce, domin ajiyar nan ita ma tata ce. Ba dole ba ne ka faɗi adadin ga kowa a gida. Kuɗin da aka san yawansa, buƙata kan taso daidai da shi, ba don mugunta ba, sai don kowa na da tasa matsalar. Idan kana da ’yan'uwa masu samu, ka kawo maganar kowa ya riƙa sa ɗan wani abu don maganin Mama, kada nauyin ya tsaya a kan mutum ɗaya.

Ka kuma rubuta wa kanka tun yanzu, kana cikin natsuwa, abin da ya cancanci a buɗe ajiyar gaggawa dominsa. Nawa uku ne: rashin lafiya, tsayawar albashi, da abin da zai hana ni zuwa aiki. Idan abu ya taso kana shakka, ka kwana a kansa. Gaggawa ta gaske ba ta barin shakka. In ka buɗe kuma, bisa dalili ko bisa rauni, ba a rushe ba, wata mai zuwa a ci gaba daga inda aka tsaya. Ni wata ukun da na yi ina fushi da kaina sun fi cutar da ni a kan kuɗin da na ci.

Yana yiwuwa littafinka ya nuna cewa na yi kuskure, 15 ɗin ba ɓacewa suke ba, abinci da mota ne suka fi yadda ka ƙiyasta. Idan haka ne, matsalar ba ta hali ba ce, samun ne bai kai ba, kuma matse ciki ba zai magance ta ba. Kada ka rage abinci don ka yi ajiya, asibiti zai karɓe abin da ka tara. Sai ka duba manyan layuka biyu, haya da mota, waɗanda tare suke cin 37. Ɗaki kusa da wajen aiki, ko raba haya da wani amintacce, na iya sakin abin da barin ƙananan saye-saye na shekara ba zai saki ba. Kafin nan ka fara da 2 ko 3, don hannunka ya saba. Sannan ka yi wa kanka alkawari cewa duk ƙarin albashi ko kuɗin wani aiki na gefe, rabinsa ajiya zai tafi tun kafin ka saba da shi. Masana tattalin arziki biyu, Richard Thaler da Shlomo Benartzi, sun gwada wannan da ma'aikatan wani kamfani a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2004: waɗanda suka yarda a riƙa ƙara ajiyarsu duk lokacin da aka yi ƙarin albashi sun tashi daga kashi 3.5 zuwa kashi 13.6 cikin wata 40. Abin ya yi aiki ne saboda babu wanda ya ga kuɗin hannunsa sun ragu.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi a watannin nan biyar da ajiyar ba ta yi ƙarfi ba: in wani abu ya sake tasowa, kada ka nufi masu ba da rancen gaggawa da ruwa, ko ta waya ko a zahiri. Ruwan kashi 10 a wata yana kama da kaɗan, amma in aka bar shi yana hawa kan kansa, 30 na zama sama da 90 cikin shekara guda. Gara ka nemi wajen aikinka su ba ka wani ɓangare na albashi kafin lokaci, ko ka je wa mai gidan haya tun kafin ranar biya ka nemi ya ɗaga maka ƙafa na mako biyu, ko ka koma wa abokin nan, wanda a lokacin zai riga ya ga kason farko da na biyu sun shigo a ranarsu.

Ka fara rubutun daren yau, kada ka jira sabon wata. Idan kwana 30 suka cika, ka aiko min da abin da littafin ya nuna, musamman na kwana biyar bayan albashi, mu sake duba rabon tare. Ka gaishe min da Mama da jiki.